Ƙarar waya ba ta nufin gaggawa: yadda za ka tsara wa sanarwa lokaci

A hutun da na yi a gida Dosara, wani abu ya faru da ƙanena wanda ke aji shida na sakandare, kuma tun daga ranar nake ta tunanin in kawo muku shi. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta kimiyyar kwamfuta, amma darasin da na koya daga wayarsa ya fi zama mini a kai fiye da wasu laccocin.

Ranar wata Juma'a da daddare, malaminsu na kemistiri ya kira monitan ajinsu ya ce masa gwajin da za su yi a ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar ya dawo ƙarfe 8:00 na safe maimakon ƙarfe 10:00. Gwaji ne na shirin jarrabawar WAEC, irin wanda ake ɗiga ruwan asid a kan wani ruwan har launi ya canja. Monita ya sanar a guruf ɗin ajin na WhatsApp da ƙarfe 9:40 na dare. A lokacin wayar ƙanena tana wurin mai caji, data a kashe. Da safe ya karɓo ta, ya kunna data wajen ƙarfe 7:10, sai waya ta kama ƙara da rawa kamar ba za ta daina ba. Ya ja allon ƙasa, ya ga tsibin sanarwa, ya danna Clear all, ya sa waya a aljihu ya tafi kai wa Baba saƙo gona. Ƙarfe 10:00 ya isa makaranta, ya tarar ana wanke kwalabe.

Da ya dawo ransa a ɓace, sai ya ce mini, "Yaya, wallahi ba wanda ya gaya mini." Na karɓi wayar na buɗe guruf. Saƙon yana nan. Ya iso wayarsa minti hamsin kafin a fara gwajin, wayar kuma ta yi masa ƙara a kansa. Matsalar ita ce irin ƙarar da ta yi wa wannan saƙon ita ta yi wa sauran tarkacen da suka shigo tare da shi.

Yadda sanarwa ke isowa wayarka

Abin da ake nufi da sanarwa a nan, ko notifikeshan kamar yadda muke cewa, shi ne ɗan guntun saƙon da ke faɗowa a saman allon waya ba tare da ka buɗe manhaja ba. Ana turo maka shi ne, ba kai ka je nema ba. Kamfanin Apple ya fara wannan tsari a wayoyinsa a shekarar 2009, Google ya kawo nasa a 2010. Wanda wayoyin Android ke amfani da shi yanzu sunansa Firebase Cloud Messaging, ya fito a 2016.

Da a ce kowace manhaja za ta riƙa leƙa intanet kowane minti tana tambayar ko akwai sabon abu, da batir ba zai kai azahar ba. Shi ya sa aka yi dabara. Wayar tana riƙe da hanya guda ɗaya a buɗe tsakaninta da manyan kwamfutocin Google. Idan wata manhaja tana da saƙo a gare ka, sai kwamfutar kamfaninta ta miƙa wa Google, Google kuma ya turo ta wannan hanyar. Kwatanta shi da tashar mota ranar kasuwar Talata Mafara: kowa ba ya ɗaukar hayar motarsa don kai saƙo ƙauye, direba ɗaya ake bai wa, shi ya san gidan kowa.

To idan direba ya zo ya tarar hanya a rufe fa? Wato data a kashe, ko babu sabis, ko batir ya mutu. Sai a ajiye saƙon a jira. Tsarin Google na iya riƙe saƙo har kwana 28 idan mai turowa bai sa masa wa'adi mafi gajarta ba. WhatsApp kuwa na riƙe saƙon da bai isa ba har kwana 30, daga nan ya goge shi. Da zarar wayar ta dawo kan intanet, abin da aka tara zai zubo a lokaci guda.

Mu 'yan Zamfara mun ga iyakar wannan jira da idonmu. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Mako biyu aka ce da farko, amma a ƙananan hukumomi irin namu abin ya zarce wata biyu. Saƙonnin da aka turo a kwanakin farko, wa'adinsu ya ƙare tun kafin sabis ya dawo, sai dai ga wanda ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis ya kunna wayarsa. Waɗanda suka iso daga baya kuwa, da yawa labarin abin da ya riga ya wuce ne.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka turo sanarwa daban, lokacin da ta iso daban. Masu ƙirƙirar manhajoji galibi suna yin lissafi ne da mutumin da wayarsa ke kan intanet dare da rana. A Dosara, da Bakura, da Maradun, ɗalibi kan kunna data sau biyu ko uku a yini don kada ta ƙare, wayar ma wani lokaci ta yayansa ce ko ta mahaifiyarsa. Don haka a wurinmu sanarwa ba ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, tana zuwa ne kamar an buɗe ruwan madatsar Bakolori.

Mun ƙirga na yini guda

Na ce wa ƙanena kada mu yi gardama, mu ƙirga. A mafi yawan wayoyin Android akwai wani wuri a cikin Settings mai suna Digital Wellbeing, wanda ke nuna adadin sanarwar da kowace manhaja ta turo a yini. Washegari da daddare muka duba, muka ga 163.

Daga ciki 128 na WhatsApp ne. Da muka bi guruf-guruf, 88 daga guruf ɗin ajinsu suka fito, 21 daga na dangi, 19 daga na 'yan ƙwallo. Sauran 35 ɗin kuma: 14 daga wata manhajar gajerun bidiyo, 9 daga wani wasan waya da ke roƙonsa ya dawo ya karɓi kyauta, 8 daga wasu shafukan intanet da bai ma tuna ya shiga ba, 4 kuma daga wayar kanta. Sai na ce ya nuna mini waɗanda suka sa ya tashi ya yi wani abu. Ya yi ta ja sama da ƙasa, a ƙarshe ya samo uku: ɗaya na aikin gida na lissafi, ɗaya daga kawunmu yana cewa a je a karɓo taki, ɗaya kuma gargaɗin cewa datarsa ta kusa ƙarewa.

Uku cikin 163. Wanda waya ta kira sau 160 a banza, ba abin mamaki ba ne ya daina amsawa. Hannunsa ya saba da sharewa tun kafin idonsa ya karanta. Wannan ita ce babbar illar sanarwa marar amfani: ban da ɓata lokacin da take yi, tana koya maka ka raina mai amfanin.

Ba a nan kaɗai abin yake ba. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Common Sense Media ta bibiyi wayoyin yara masu shekara 11 zuwa 17, ta fitar da rahoto a 2023 cewa fiye da rabinsu na samun sanarwa 237 ko sama da haka a kowace rana. Akwai kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Jihar Florida, aka wallafa a 2015. An bai wa ɗalibai wani aiki mai buƙatar natsuwa a kwamfuta, sai masu binciken suka riƙa kiran wasu ko tura musu saƙo ba tare da sun san cewa yana cikin gwajin ba. Waɗanda wayarsu ta yi ƙara sun fi yin kuskure, alhali ba su taɓa wayar ba. Jin ƙarar kaɗai ya isa ya raba hankali, domin zuciya za ta tafi tunanin ko wane ne.

Tambayoyi biyu da ke raba tsaki da tsakuwa

Wani zai ce to a kashe duka mana a huta. An gwada wannan ma. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an raba mutane fiye da 200 gida-gida. Wasu aka bar su yadda suka saba, wasu aka riƙa tara musu sanarwa ana sako ta kowace awa, wasu sau uku a yini, wasu kuma aka rufe musu gaba ɗaya. Waɗanda ake sako wa sau uku a yini su suka fi jin natsuwa da jin cewa su ke juya wayar. Waɗanda aka rufe wa baki ɗaya sun fi shiga damuwa, suna ta tunanin abin da ke wuce su. Na kowace awa kuwa ba su bambanta sosai da masu tsohon tsari ba. Ashe maganin yana cikin ragewa da sa lokaci.

Don a san wadda za a bari, ni da ƙanena mun ɗora wa kowace irin sanarwa tambayoyi biyu. Ta farko: idan na gan ta, me zan tashi in yi? Ta biyu: idan ban gan ta ba sai bayan awa uku, me zan rasa?

Idan amsar ta farko ita ce babu komai, a kashe ta. Kyautar wasan waya, da bidiyon da aka ce wai zai burge ka, da tallan shafuka, duk nan suka faɗa. Irin waɗannan don amfanin mai manhajar aka turo su, domin yana son ka dawo ka daɗe a ciki.

Idan akwai abin yi amma jiran awa uku ba zai ɓata komai ba, a bar ta ta shigo shiru, babu ƙara babu rawa, ka same ta a lokacin da ka ware. Aikin gida da za a miƙa gobe, da hirar dangi, da sakamakon wasan ƙwallo, nan ne wurinsu.

Idan kuwa jira zai jawo asara, ita ce ta cancanci ƙara. Canjin lokacin darasi, kiran iyaye, labarin cewa kada a bi wata hanya yau. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma ƙarancinsu shi ke sa a ji su idan sun zo.

Abin da muka taɓa a wayar

Sunayen wurare kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma hanyar kusan ɗaya ce, kuma aikin bai kai mana rabin awa ba.

Mun fara da kashewa. Idan sanarwa ta faɗo, ka danna ta ka riƙe, waya za ta ba ka zaɓi: Default, ko Silent, ko Turn off notifications. Tun daga Android 8, wadda ta fito a 2017, manhajoji kan raba sanarwarsu kashi-kashi, don haka kana iya kashe na talla ka bar na saƙo a manhaja ɗaya. Wasan waya mun kashe masa duka. Manhajar bidiyo mun bar mata saƙon da mutum ya turo masa kai tsaye kawai. Shafukan nan takwas kuwa, sun samu shiga ne ranar da ya danna Allow don wani akwati ya kauce masa daga allo. A Chrome mun shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications, muka toshe su ɗaya bayan ɗaya. Daga Android 13, wadda ta fito a 2022, dole sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo sanarwa. Idan ta tambaye ka, ba laifi ba ne ka ce Don't allow. In ka ga da buƙata daga baya, kana iya buɗewa.

Sai guruf-guruf. Na dangi da na ƙwallo mun sa musu Mute notifications, muka zaɓi Always. Wannan ba fita daga guruf ba ne, kuma ba wanda zai san ka yi. Saƙonni za su ci gaba da shigowa, kuma idan wani ya ambaci sunanka ko ya amsa maganarka kai tsaye, za a sanar da kai.

Na ƙarshe shi ne Do Not Disturb, wanda ke rufe bakin waya na tsawon lokacin da ka zaɓa. Mun sa ya riƙa kunna kansa daga ƙarfe 8:30 na dare, lokacin da yake zama karatu, har zuwa 6:30 na safe. Amma mun bar ƙofa: lambar Baba, da ta Inna, da ta monita mun sa musu tauraro, muka ba da izinin kiransu ya shigo. Akwai kuma zaɓin Repeat callers, wanda ke barin kira ya shigo idan mutum ɗaya ya sake kira cikin minti 15. Ƙararrawar tashi sallar asuba ma tana bugawa yadda ta saba.

Daga nan muka sa lokutan dubawa guda uku, muka ɗaura su a jikin abubuwan da dama yake yi kullum don kada ya manta. Na farko ƙarfe 6:45 na safe kafin ya fita. Na biyu wajen 2:30 bayan ya dawo ya ci abinci, kafin Islamiyya. Na uku bayan sallar isha'i kafin ya buɗe littafi. Kowanne minti goma zuwa sha biyar. Dokar guda ɗaya ce: a kowane zama, guruf ɗin sanarwar aji zai fara buɗewa ya karanta kafin komai, kuma ba zai danna Clear all ba sai ya duba. Masu iPhone suna da wani abu mai suna Scheduled Summary tun 2021, wanda ke tara sanarwa ya kawo a lokutan da aka zaɓa. Mu kuwa kashe data da muke yi don tattali ya riga ya yi mana rabin wannan aikin, saura kawai mu sa masa lokaci tsayayye.

Akwai abin da ya kamata ku riƙe da kyau. Sanarwar da ake turowa ba ta shiga wayar da datarta ke kashe, komai muhimmancinta. Saboda haka abin da ka riga ka san lokacinsa, kamar jadawalin jarrabawa ko ranar rufe rajistar JAMB, kada ka jira wani ya tuna maka. Ka sa shi a Clock ko Calendar na wayarka, domin waɗannan daga cikin wayar suke bugawa, ba sa buƙatar intanet. Ga kowace takarda ka sa tuni biyu: ɗaya da yammacin ranar da ta gabata don haɗa kaya, ɗaya kuma awa biyu kafin a shiga.

Idan kai ne mai turawa

Rabin laifin abin da ya faru yana wuyan ƙanena, rabi kuma yana ga yadda aka tura saƙon. Ga abin da monita ya yi. Saƙo na farko: "Salam." Na biyu: "Akwai sanarwa." Na uku: "Kowa ya saurara." Na huɗu kuma saƙon murya na kusan minti ɗaya. Bayan haka mutum wajen talatin suka amsa da "To" da "Allah ya kai mu", sai aka koma gardamar ƙwallo. Sanarwar da ke faɗowa a allo layi ɗaya ko biyu kawai take nunawa, kuma na baya-bayan nan ne ke zama a sama. Saƙon murya ba ya nuna abin da ke cikinsa. Abin da ƙanena ya gani da safe shi ne wani yana zolayar wani a kan ƙungiyarsa.

Da monita ya rubuta layi ɗaya, da ya wadatar: "Gwajin kemistiri: Asabar 8:00 na safe, ba 10:00 ba. A zo da rigar gwaji." Komai na cikin kalmomin farko. Ku lura an rubuta sunan ranar, ba a ce "gobe" ba, domin wanda ya kunna data da safe zai karanta "gobe" ya ɗauka Lahadi ake nufi.

Na ba su shawarar su raba guruf biyu, suka kuma yarda. Ɗaya na hira, kowa ya sa masa shiru. Ɗaya na sanarwa zalla, wanda admin kaɗai ke iya rubutu a ciki, aka sa masa ƙara ta daban. Suka kuma yi yarjejeniya cewa sanarwar gobe za ta fita kafin ƙarfe 7:00 na yamma, don ta riski mutane a dubawar dare. Abin da ya taso bayan wannan lokaci, kuma zai faru kafin azahar ɗin gobe, ba a dogara da guruf. Monita zai kira mutum biyar, kowannensu ya kira ko ya leƙa waɗanda ke unguwarsa. Kira da tes ba sa buƙatar data.

Masu rubuta manhaja ma da waɗannan tambayoyin suke fama, sai dai su da lambobi suke amsawa. Ga yadda wani ɓangare na saƙon monita zai kasance da ta tsarin Google aka tura shi:

```
"android": {
  "ttl": "37200s",
  "priority": "high",
  "collapse_key": "lokacin_gwaji"
}
```

Layin ttl shi ne wa'adin saƙo. Daga 9:40 na dare zuwa 8:00 na safe awa 10 ne da minti 20, wato daƙiƙa 37,200. Idan wayar ba ta hau intanet ba har wannan lokaci ya cika, a jefar da saƙon, domin ba shi da sauran amfani. Layin priority na cewa a tayar da waya ko da ta yi barcin tattalin batir, kuma don abin gaggawa kaɗai aka yi shi. Shi kuwa collapse_key, amfaninsa shi ne idan malam ya sake canja lokaci kafin na farko ya isa, sabon ya maye gurbin tsohon, kada ɗalibi ya ga lokuta biyu ya rikice. Wa'adi, da gaggawa, da maye gurbi: monita mai hankali yana iya kiyaye duka ukun ba tare da ya rubuta layin kwamfuta ko ɗaya ba.

Akwai kuskure ɗaya da ke bayyana dalilin da ya sa wasu manhajoji ke tashin mutum da tsakar dare. Idan kamfani yana California ya tura wa kowa sanarwa da ƙarfe 5:00 na yammacinsu a watan Yuli, a Najeriya ƙarfe 1:00 na dare ne. Mai manhajar da ya san aikinsa yana lissafi ne da agogon mai karɓa.

Inda tsarin kan samu matsala

Wani lokaci za ka gyara komai amma saƙo ya riƙa makara ko da data a kunne. Yadda za ka gane shi ne ka kwatanta lokacin da ke rubuce a jikin saƙon da lokacin da wayar ta yi ƙara. Idan saƙonni ba sa shigowa sai ka buɗe manhajar da hannunka, to wayar ce ke hana ta aiki a bayan fage. Duba Battery Saver da Data Saver, ka cire manhajar da kake buƙata daga cikin waɗanda aka taƙaita. Wasu wayoyin suna da tsananin tattalin batir, har sukan rufe manhaja da zarar allo ya mutu.

Idan kuma hannunka ya riga ya share abin da ba ka karanta ba, wayoyi masu Android 11 zuwa sama suna da Notification history, wanda ke ajiye sanarwar awa 24 da suka wuce. Sai dai dole ka kunna shi tun kafin buƙata ta taso. Tallan da ke zuwa ta tes kuma hanyarsa daban ce, ba a kashe shi daga nan. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ware lambar 2442 tun 2016: ka tura STOP zuwa gare ta don a daina turo maka tallace-tallace.

Matsala ta ƙarshe ba ta cikin Settings. A kwana biyun farko ƙanena ya riƙa ɗaukar waya yana dubawa ko da ba ta yi ƙara ba, domin hannu ya saba. Sai muka koma barin ta a ɗakin Inna lokacin karatu. Idan kiran gaggawa ya shigo, za ta ji ta kira shi.

Kafin in koma makaranta mun sake duba Digital Wellbeing. Adadin bai ragu sosai ba, domin 'yan ajinsu ba su daina surutu ba, kuma saƙon da aka sa wa shiru yana nan yana shigowa. Abin da ya canja shi ne sau nawa wayar ta yi ƙara: a ranar sau huɗu ne, kuma ya san dalilin kowanne. Malaminsu ya sake shirya gwajin ga waɗanda suka rasa. Sanarwar ta fito ranar Alhamis da ƙarfe 6:20 na yamma, layi ɗaya, ya gan ta bayan isha'i, ya sa ƙararrawa a Clock. Ranar Asabar shi ya riga mai riƙe da makullin ɗakin gwaji zuwa.

A daren yau, kafin ka kwanta, buɗe wayar da kake amfani da ita ka ga nawa suka shigo, sannan ka ƙirga nawa ne suka sa ka tashi ka yi wani abu. Daga tazarar da ke tsakanin lambobin biyu za ka san ta inda za ka fara.